Wa'adi da Uzuri: Nazari a kan Fassarar Wasiƙar Wani Ɗan Kasuwar Riɗi zuwa ga Mai Sayensa a Japan

 'Yan'uwana ma'abota sana'ar fassara, abin da na kawo gabanku yau wasiƙa ce guda ɗaya tak, wadda ba ta cika shafi ba, amma ta ci mini yini biyu kafin in yarda in sa hannu a kan fassararta; kuma na zaɓe ta ne domin a cikinta na ga abin da muke yawan tsallakewa idan muna maganar amanar mai fassara, wato cewa wasiƙar ciniki tana ɗauke da alkawari mai ajali, wanda banki da alƙali za su karanta da idon da ba na mai ita ba.

Mai wasiƙar wani dattijo ne mai fitar da riɗi, wanda sitonsa ke kusa da kasuwar Dawanau a Kano; zan kira shi Alhaji kurum, sunan kamfaninsa da na abokin cinikinsa kuwa na bar su a rufe. Ya ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin matsar mai na ƙasar Japan a kan kwantena biyar, kowace tan 19, wato buhu 380 mai kilo 50, jimla tan 95. An rubuta yarjejeniyar da Ingilishi, an ɗora ta a kan dokar Ingila kamar yadda aka saba a irin wannan fatauci, aka kuma sa sharaɗin FOB a tashar Legas, wanda ma'anarsa ita ce nauyin mai sayarwa ba ya sauka sai kaya sun hau cikin jirgin ruwa. Biya kuwa ta takardar lamunin banki ne, wadda ta yanke ranar 30 ga Afrilu 2019 a matsayin ranar ƙarshe ta lodi, da 21 ga Mayu a matsayin ranar da lamunin zai mutu. Da tsakiyar Afrilu ta yi, Alhaji ya ga lallai ba zai cika wa'adi ba, sai ya sa ɗansa ya rubuta abin da ya faɗa da Hausa, aka kawo mini in juya. Ga jikin wasiƙar, bayan an cire dogayen gaisuwa:

"Muna ba ku haƙuri ƙwarai bisa jinkirin da aka samu. Laifinmu ne, a yafe mana, amma abu ne na ƙaddara. Kaya sun samu, biyu suna hanya. Sauran ukun za mu tura su bayan Sallah da mako ɗaya in sha Allahu. Muna fata wannan ba zai ɓata zumuncin da ke tsakaninmu ba."

Duk Bahaushen da ya ji wannan zai ce dattijo ya yi magana ta mutunci, ya sauke girman kai, ya kuma faɗi lokaci. Da abokin cinikin nasa yana Kantin Kwari ne ko Maraɗi, da magana ta ƙare a nan, domin shi ya san abin da kowace kalma ke nufi da abin da ba ta nufi. Amma wanda zai karanta fassarar wani ma'aikaci ne a sashen saye, wanda Ingilishi ba harshen uwarsa ba ne shi ma, wanda kuma zai ɗauki takardar ya kai wa shugabansa, shugaban ya tambaye shi abu uku: yaushe kaya za su hau jirgi, nawa za su hau, kuma wa zai ɗauki asarar jinkirin. Wasiƙar Alhaji, in aka juya ta kalma da kalma, ba ta amsa ko ɗaya daga cikin ukun ba, alhali kuwa ta amsa wata tambaya da ba a yi masa ba, amsar da za ta iya zama hujja a kansa.

Bari in fara da ajali, domin nan ne nauyin al'amarin yake. Kada wani ya zaci Alhaji ya yi sakaci da ya ce "bayan Sallah da mako ɗaya". Mutumin da ya tashi a zauren karatu ya san cewa ayar bashi, ta 282 a Suratul Baƙara, ta yi umarni da a rubuta bashi zuwa ajali ambatacce, ya kuma san cewa cinikin salam, inda ake ba da kuɗi a jira kaya, ba ya inganta sai da ma'auni sananne da ajali sananne. Sai dai malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shaihu Halilu, sun yarda a sa ajali da lokacin da jama'a suka sani bisa al'ada, irin su girbi da dawowar alhazai, saboda jahilcin da ke cikinsa kaɗan ne, mutanen gari ɗaya ba sa saɓani a kansa. A wannan mizani, Sallah ajali ce ma'aluma, har ta fi girbi tabbata. Illa dai sanin nan na mutanen gari ɗaya ne. Mai saye a Japan bai san Sallah biyu ce a shekara ba, balle ya san wadda ake nufi. Kuma ko ni da na sani, a ranar da nake fassarar azumi ma bai kama ba, iyakar abin da zan iya cewa shi ne ƙaramar Sallah za ta faɗo 4 ko 5 ga Yuni, gwargwadon ganin wata. Ta kuwa faɗo ranar Talata 4 ga Yuni.

To, a ce na lissafa, na rubuta 11 ko 12 ga Yuni. Da na yi haka da na jefa Alhaji cikin rami da hannuna, saboda kalmar "tura". A bakinsa, ya tura kaya idan tirela ta fita daga ƙofar sito ta kama hanyar Zariya, ya sallami direba, ya koma ya zauna. Kalmar Ingilishi da ƙamus zai ba ka a madadinta, wadda kuma kowane ɗalibi zai fara kai wa hannu, a harshen wannan fatauci tana nufin an loda kaya cikin jirgin ruwa, kuma ranarta ita ce ranar da aka buga a kan takardar shaidar lodi. Haka ƙa'idojin lamunin banki da ake kira UCP 600, waɗanda Majalisar Ciniki ta Duniya da ke Paris ta fitar suka fara aiki ranar 1 ga Yuli 2007, suka tanada a sashe na 20. Tsakanin ƙofar sito a Dawanau da cikin jirgi a Apapa akwai tafiyar kilomita wajen dubu, akwai layin manyan motoci a bakin tasha, wanda a waccan shekara kowa ya san mota kan kwana makonni a cikinsa, akwai binciken kwastan da na masu duba ingancin kaya, sa'an nan akwai jiran jirgin da ke da gurbi. Duk wannan tazara kalma ɗaya za ta haɗiye ta, har mai saye ya zauna yana jiran takardar lodi mai kwanan watan 12 ga Yuni, a ranar da buhunan ba su wuce Kaduna ba.

Wani zai ce ai 'yan makonni ne, mai saye zai yi haƙuri. Yana iya yi, amma doka ba ta tilasta masa ba. Tun shekarar 1877 kotun ƙoli ta Ingila ta wancan zamani ta yanke hukunci a shari'ar Bowes da Shand, a kan shinkafar Madras da aka yi sharaɗin lodawa a watan Maris ko Afrilu, aka loda mafi yawanta a Fabrairu. Kotu ta ce mai saye yana da ikon ƙin karɓa, ko da shinkafar ba ta da aibi, domin lokacin lodi yana cikin siffar kayan da aka saya. In an ƙi kaya don sun riga lokaci, ina ga waɗanda suka makara? Banki kuwa ya fi alƙali tsanani, domin shi takarda yake dubawa, ba ya duba buhu: in ranar da ke kan takardar lodi ta wuce ranar da ke cikin lamuni da kwana ɗaya, ya sami saɓani, yana da damar ƙin biya har sai mai saye ya yafe.

Saboda haka na ajiye alƙalami na buga wa Alhaji waya. Na ce, "Ranka ya daɗe, biyun da ke hanya, ina suke yanzu?" Ya ce suna layi a Legas tun kwana shida. Na ce, "Sauran ukun fa, an gama gyara su?" Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "Malam, gaskiya sai an sake tankaɗe su, masu dubawa sun ce tsakuwa da ƙaiƙayi sun yi yawa, injin kuma ya tsaya, ana jiran kayan gyara." Na roƙe shi ya tambayi ejansa na tasha rana ta ƙarshe da zai iya rantsuwa kaya za su kasance cikin jirgi, ranar da ba ta dogara da sa'a ba. Washegari ya kira ni da rana biyu: 31 ga Mayu ga kwantena biyu, 15 ga Yuli ga sauran ukun. Ku dubi nisan da ke tsakanin 12 ga Yuni da 15 ga Yuli. Fiye da wata guda ne, kuma dukansa yana kwance cikin kalmar "tura". Ranakun nan daga bakinsa suka fito, kuma da ya ƙi ba ni su, da iyakata in fassara abin da ya faɗa in haɗa masa da gargaɗi a rubuce, domin mai fassara ba shi da hurumin yanka wa wani ajalin da zai biya diyyarsa.

Yadda za a rubuta ranar ma sai da na tsaya a kansa. Ɗan Alhaji ya saba rubuta 10/06/2019 yana nufin 10 ga Yuni, amma wanda ya koyi Ingilishin Amirka zai karanta 6 ga Oktoba, mutanen Japan kuwa a nasu tsari shekara suke farawa da ita, sa'an nan wata, sa'an nan rana, kamar yadda saƙon banki ma ke rubuta 190715. Na rubuta sunan wata da haruffa, na sa shekara cikakkiya. Na kuma guje wa kalmomin nan masu daɗin ji, irin su "nan ba da jimawa ba" da "cikin gaggawa", domin sashe na 3 na ƙa'idojin da na ambata ya ce banki zai yi watsi da irinsu kamar ba a rubuta ba. Sashen nan ya ma yi wa wasu lafuzza iyaka da lamba: farkon wata daga 1 zuwa 10 ne, tsakiyarsa 11 zuwa 20, ƙarshensa 21 zuwa ranar ƙarshe. Wanda ya fassara "wajen tsakiyar Yuli" ba tare da sanin wannan ba, ya ɗaure mai wasiƙa da 20 ga wata bai sani ba.

Sai maganar "laifinmu ne" da "abu ne na ƙaddara", waɗanda suka zo a jimla ɗaya, kuma a kunnen Bahaushe ba su yi karo ba ko kaɗan. Mutum yana ɗaukar laifi don ladabi, don ya sanyaya zuciyar wanda aka ɓata wa, yana kuma ambaton ƙaddara don shaida cewa babu mai motsi sai da izinin Ubangiji. Na farko tawali'u ne, na biyu aƙida ce. Da an juya su Ingilishi yadda suke, sai su zama da'awa biyu masu rushe juna. Ta farko iƙirari ce a rubuce cewa duk abin da jinkirin ya jawo yana wuyan mai sayarwa, ba tare da iyaka ba. Ta biyu kuwa, in mai fassara ya yi zalaƙa ya ɗauko lafazin nan na lauyoyi da ke nufin annobar da ta fi ƙarfin mutum, ta zama sanarwa cewa mai sayarwa yana neman kuɓuta daga alhaki ƙarƙashin wani sharaɗi na yarjejeniya. Na ga masu fassara da dama sun faɗa wannan rami, domin lafazin yana da kwarjini, kuma a zahiri ya yi kama da ƙaddara. A dokar Ingila kuwa wannan uzuri ba ya tsayawa da ƙafarsa, sai abin da yarjejeniya ta lissafa, kamar yaƙi ko ambaliya ko hanin hukuma, kuma galibi sai an ba da sanarwa cikin kwanakin da aka yanka. Wanda ya yi karatun fiƙihu zai tuna da babin ja'iha, inda ake sauke wa mai sayen 'ya'yan itace farashi idan fara ko ƙanƙara suka halaka sulusi ko fiye. Can ma ba kowace masifa ake kira ja'iha ba, sai wadda ba a iya tunkuɗe ta. Injin da ya lalace a siton mutum, da riɗin da bai tankaɗu ba, ba sa shiga wannan babi a kowace mazhaba, cunkoson Apapa kuma an san da shi tun kafin a sa hannu. Da na rubuta wancan lafazi, da lauyan mai saye ya nemi hujja, da kuma Alhaji ya bayyana a matsayin mai neman zillewa, shi da ya zo ba da haƙuri.

Abin da na yi shi ne na bayyana masa wannan duka da Hausa, na ce ya zaɓa. Ya ce shi bai nufi gudun alhaki ba, kuma bai nufi ya ɗauki abin da bai sani ba. Sai muka tsaya a kan ba da haƙuri sau ɗaya, bayyananne, a kan jinkirin kansa, tare da faɗin sababi biyu na gaskiya a taƙaice. A nan ɗansa ya so a ɗora kome a kan tasha, a ɓoye zancen tankaɗe, na ce wannan kam ba da alƙalamina ba. Kuma ko ta fuskar maslaha, mai matsar mai ya fi son ya ji an tsayar da kaya don a tsabtace su da a ce an loda masa tsakuwa a kan lokaci. Alhaji ya goyi bayana, ya ce wa yaron, "Bar shi ya faɗa, ai ba sata muka yi ba."

Akwai kuma abin da wasiƙar ba ta faɗa ba sam, wanda in babu shi sababbin ranakun ba su da amfani. Ko mai saye ya amsa da cewa ya yarda, bankinsa ba ya bin wasiƙar da ke tsakanin mutum biyu. Yana bin abin da ke rubuce a lamuni, kuma sashe na 10 ya ce ba a gyara lamuni sai da yardar bankin da ya buɗe shi, da bankin da ya ƙarfafa shi in akwai, da wanda aka buɗe dominsa. Na nemi a kawo mini kwafen lamunin, na duba gurbi uku. Gurbin 44C, ranar ƙarshe ta lodi, dole ya koma 15 ga Yuli. Gurbin 31D, ranar mutuwar lamuni, dole ya matsa zuwa 5 ga Agusta, domin a bar kwana 21 na miƙa takardu bayan lodi, kamar yadda aka bari tun farko tsakanin 30 ga Afrilu da 21 ga Mayu. Da yawa sukan gyara na farko su manta da na biyu, sai kaya su hau jirgi a kan lokaci, takardu su iso banki bayan lamuni ya mutu. Gurbin 43P kuwa ya hana lodi kashi-kashi, alhali dukan shawarar Alhaji a kan kashi biyu take. Wannan ƙari ba fassara ba ne, na sani, kuma ban sa shi ba sai da na karanta masa ya ce a sa. Amma ina ganin mai fassarar da ya ga wannan giɓi ya yi shiru, don wai ba a rubuta a asali ba, ya yi kama da tafintan da ya ga rijiya a gaban baƙo ya ce shi aikinsa magana ne kawai.

Ga abin da aka aika, ban da jimlar rufewa da zan zo kanta, na mayar da shi Hausa gwargwadon iko don ku auna da na farko:

"Muna ba ku haƙuri bisa cewa ba za mu iya loda kayan yarjejeniyarmu a ranar 30 ga Afrilu 2019 ba. Sababi biyu ne: cunkoso a tashar Legas ya tsare kwantena biyu, sauran ukun kuma muna sake tsabtace su don su kai ingancin da muka yi alkawari. Muna ba da shawarar loda kwantena biyu, tan 38, cikin jirgi a Legas ba a wuce 31 ga Mayu 2019 ba, da kwantena uku, tan 57, ba a wuce 15 ga Yuli 2019 ba. In kun amince, muna roƙon ku umarci bankinku ya gyara lamuni a wurare uku da muka lissafa a ƙasa, ku kuma sanar da mu amsarku kafin 25 ga Afrilu. Sauran sharuɗɗan yarjejeniya suna nan yadda suke. Muna girmama hulɗar da ke tsakaninmu, muna kuma fatan ɗorewarta."

Za ku lura na ce "muna ba da shawara", ban ce "za mu loda" ba. Alhaji ba shi da ikon sauya wa'adi shi kaɗai. Abin da ke hannunsa tayi ne, sai an karɓa yake zama sabon alkawari, shi ya sa aka nemi amsa kafin tsohon wa'adi ya cika. "Zumunci" kuma na sauke shi zuwa hulɗar ciniki, domin kalmar da ta yi daidai da shi a Ingilishi tana kai mai karatu ga dangantakar jini ko abota ta ƙut da ƙut, wadda mutanen nan biyu, da ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, ba su da ita.

Saura "in sha Allahu", kuma a nan ne ban gamsu da kaina ba har yau. Alhaji bai faɗe ta don ya sassauta alkawari ba. Ya faɗe ta ne don bin umarnin da ke cikin Suratul Kahfi, aya ta 23 da ta 24, kuma a wurinsa alkawarin da babu ita alkawarin mai girman kai ne. Amma idan ta zauna a jikin jimlar da ke ɗauke da rana, baƙon da bai san ta ba zai karanta ta a matsayin sharaɗi, wanda ya san ta daga nesa kuwa sau da yawa ya ji ana cewa hanyar kaucewa ce. Na ba shi shawarar a cire. Ya ce, "Malam, kome ka ce na bi, amma wannan ba zan sa hannu a takardar da ta ce zan yi abu gobe babu ita ba." Muka yi sulhu a kan a ɗauke ta daga jimlar ranaku a kai ta jimlar rufewa, inda aka ce muna fata, da yardar Allah, mu cika waɗannan ranaku kamar yadda muka rubuta. Wani abokin aikina da na nuna wa ya ce na raunana takardar, wani kuma ya ce na yi wa dattijo kutse a addininsa da na matsar da ita ko kaɗan, kuma ina so in ji ra'ayin malaman da ke wannan zaure a kai.

Amsar mai saye ta zo bayan kwana huɗu, layi biyar. Ya karɓi ranakun biyu, ya yarda da lodi kashi-kashi, ya ce kuɗin gyaran lamuni a banki yana kan mai sayarwa, ya kuma nemi a aiko masa da takardar masu duba inganci ta kwantena ukun kafin su bar Kano. Jimlar rufewa kuwa bai ce kome a kanta ba. Na fassara wa Alhaji amsar a waya, ya sa aka biya kuɗin bankin a ranar.